Kama da Wane Ba Ta Wane: Mayaudaran Kalmomi Tsakanin Ingilishi da Faransanci da Tasirinsu ga Ɗalibin Hausa a Yankin Birnin Malam

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin kalmomin da suka yi kama da juna a Ingilishi da Faransanci ta fuskar rubutu, amma suka saɓa ta fuskar ma'ana. An ɗauki *library* da *actually* a matsayin manyan misalai, aka bi diddigin yadda ma'anarsu ta rabu da ta takwarorinsu na Faransanci. Sannan an nuna cewa ɗalibin Hausa na yankin Birnin Malam a Jihar Kebbi yana fuskantar matsalar ta fuska biyu, domin kalmomin aro da Hausa ta karɓa daga Ingilishi suna ƙara ƙarfafa masa kuskuren fahimta. A ƙarshe an fayyace jimla guda daki-daki, aka kawo matakan gane irin waɗannan kalmomi a ƙamus.

1.0 Gabatarwa

Jihar Kebbi ta yi iyaka da ƙasashe biyu masu aiki da Faransanci, wato Jamhuriyar Nijar da Jamhuriyar Benin. Daga Kamba ana shiga yankin Gaya na jihar Dosso, kuma kasuwar Jega ta daɗe tana karɓar fatake daga wannan ɓangare. A baki, Hausa ce ke haɗa mutanen sassan biyu. A takarda kuwa lamarin ya bambanta: shaidar makaranta da rasiɗi da wasiƙar ofis da suka fito daga Dosso ko Yamai da Faransanci suke zuwa, yayin da wanda zai karanta su a Jega, ko a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, da Ingilishi ya yi karatunsa na boko.

Mai Ingilishi a kai idan ya dubi rubutun Faransanci yakan ga kalmomi da yawa da ya saba gani, kuma galibi hasashensa yakan yi daidai. *Nation* da *gouvernement* da *université* ba su yaudarar kowa. Wannan nasarar ce ke haifar da sakaci, domin wanda ya yi dace sau tara ba ya tsayawa duba ƙamus a karo na goma. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana inda hasashen ke karyewa, da dalilin karyewarsa, da yadda za a gane shi kafin ya shiga fassara.

2.0 Ma'anar Mayaudaran Kalmomi

Sunan da aka fi sanin wannan al'amari da shi, *faux amis*, ya yaɗu ne daga littafin da Maxime Koessler da Jules Derocquigny suka wallafa a shekarar 1928 domin gargaɗin masu fassara daga Ingilishi zuwa Faransanci. Ma'anarsa ta kai tsaye ita ce abokan ƙarya. A wannan maƙala an zaɓi a kira su mayaudaran kalmomi, domin yaudarar ita ce jigon lamarin, kuma karin maganar nan ta “kama da wane ba ta wane” ta riga ta bayyana shi.

Mayaudaran kalmomi iri biyu ne. Akwai cikakku, waɗanda ma'anarsu ba ta haɗuwa ko kaɗan a harsunan biyu na yau, kamar *library* da *librairie*. Akwai kuma na rabi da rabi, waɗanda suka yi tarayya a wata ma'ana suka rabu a wata. Misali, *professeur* na Faransanci yakan zo daidai da farfesa idan a jami'a ake magana, amma a mafi yawan lokaci malamin sakandare yake nufi. Nau'i na biyu ya fi wuyar kamawa, saboda ƙamus zai nuna wa ɗalibi ma'anar da yake zato a cikin jerin ma'anoni, sai ya ɗauke ta ya rufe littafi.

3.0 Tushen Kamancin

Kamancin nan yana da tarihi. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a shekarar 1066, wani nau'in Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, kuma dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi. Daga baya malaman ƙasashen biyu suka ci gaba da aro kai tsaye daga Latin. Kalmar da aka ara tana shiga sabon harshe da ma'anar da take da ita a ranar aron. Daga nan kowane harshe yakan juya ta yadda masu magana da shi suka ga dama, alhali rubutunta bai sauya sosai ba.

Masu nazarin Hausa sun san wannan a gida. *Al-ƙāḍī* na Larabci ya ba mu alƙali, kuma ma'anar ta tsaya kusa da asali, amma la'asar da ta fito daga *al-ʿaṣr* ta taƙaita ga lokacin salla da yammaci, ta bar ma'anar zamani da kalmar ke ɗauke da ita a Larabci. Abin da ya faru tsakanin Ingilishi da Faransanci ke nan, sai dai ya fi yawa kuma rubutun boko iri ɗaya ya sa ido yana ganinsa nan take.

3.1 *Library* da *Librairie*

Kalmomin biyu sun fito daga *liber* na Latin, wato littafi. A tsohon Faransanci *librairie* tana nufin tarin littattafai da ɗakin da ake ajiye su, kuma da wannan ma'ana Ingilishi ya karɓe ta wajen ƙarni na 14. Har a ƙarni na 16 marubuci Montaigne da wannan suna yake kiran ɗakin karatunsa. Daga baya Faransanci ya miƙa wannan aiki ga *bibliothèque*, mai tushen Girkanci, ya bar wa *librairie* ma'anar kantin sayar da littattafai. Ingilishi kuwa ya riƙe tsohuwar ma'anar har yau, kuma daga gare shi Hausa ta sami laburare.

Saboda haka Bahaushen Jega da ya ga allo an rubuta *Librairie* a Dosso, kunnensa zai ji laburare, ya ɗauka wurin da ake zama a yi karatu ko a ari littafi ne, alhali kanti ne da sai an biya kuɗi. Haka nan ɗalibin Nijar da ya zo Aliero, idan aka ce masa littafin yana *library*, yana iya tanadar kuɗin saye. Ga mai bincike kuma, takardar Faransanci da ta ce ana samun wani littafi *en librairie* tana shaida masa cewa littafin yana kasuwa ne, ba ta ce an adana shi a wani ɗakin karatu ba.

3.2 *Actually* da *Actuellement*

Tushen waɗannan shi ne *actualis* na Latin, wanda masana falsafa suka yi amfani da shi ga abin da ya tabbata a aikace, kishiyar abin da yake mai yiwuwa kawai. Abin da ya tabbata a aikace yana da fuska biyu: gaskiya ne, kuma yana faruwa yanzu. Ingilishi ya rungumi fuskar farko, shi ya sa *actually* ke nufin a gaskiya ko a haƙiƙa, kuma sau da yawa ana kawo ta don gyara zancen wani. Faransanci ya rungumi ta biyu, don haka *actuellement* na nufin a halin yanzu, *le président actuel* shi ne shugaba mai ci, *les actualités* kuma labaran rana.

Hatsarin wannan kalma ya fi na *librairie*, domin kuskurenta ba ya bayyana. Wanda ya shiga kantin littattafai yana zaton laburare ne zai gane kurensa cikin minti guda. Amma jimlar *il est actuellement à Dosso*, idan aka fassara ta da “a gaskiya yana Dosso” maimakon “a halin yanzu yana Dosso”, jimla ce lafiyayya a nahawu, babu abin da zai sa mai karatu ya yi shakka. Duk da haka saƙon ya sauya: bayanin lokaci ya ɓace, an kuma shigo da alamar musu, kamar wani ya ce ba ya can. 'Yar'uwarta *éventuellement* ma haka take. Ita tana nufin wataƙila ko idan hali ya yi, yayin da *eventually* ke nufin daga ƙarshe. A yarjejeniyar ciniki, wannan shi ne bambancin alkawari da kuma abin da ba a ɗaure kai da shi ba.

4.0 Hausa a Tsakanin Harsunan Biyu

Littattafan da aka rubuta kan mayaudaran kalmomi galibi suna ɗaukar mai koyo a matsayin mai harsuna biyu. Ɗalibin Birnin Malam yana da uku, kuma na ukun ba ɗan kallo ba ne. Hausar Nijeriya ta ari kalmomin boko daga Ingilishi, Hausar Nijar ta aro nata daga Faransanci, kamar lakwal a madadin makarantar boko da mushe a madadin malaminta. Idan kalmar Faransanci ta yi kama da wata kalmar aro da ta riga ta zauna a Hausar Nijeriya, to shaidu biyu ne ke gaya wa ɗalibi ƙarya lokaci guda: Ingilishin da ya koya a aji da Hausar da ya tashi da ita.

Fagen ilimi ya fi kowane cika da wannan. Kwaleji a Nijeriya tana iya zama babbar makaranta, kamar Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. *Collège* a Nijar kuwa ƙaramar sakandare ce ta shekara huɗu, wadda ake kammalawa da jarrabawar BEPC kafin a shiga *lycée* na shekara uku. Lacca a wurinmu jawabin malami ne a gaban ɗalibai, amma *lecture* na Faransanci karatun rubutu ne, laccar kuwa *cours* ce ko *conférence*. Lasisi a Hausa takardar izini ce, kamar ta tuƙi, alhali *licence* a takardun jami'a digiri na farko ne na shekara uku, takardar tuƙi kuma *permis* ake ce mata. *Baccalauréat* kuma, duk da kamarsa da *bachelor*, shaidar kammala babbar sakandare ce wadda ke buɗe ƙofar jami'a.

A wajen makaranta akwai misalin da kuskurensa ke jawo asarar dukiya. Fetur na Hausa daga *petrol* na Ingilishi ya fito. A Faransanci wannan mai *essence* ne, *pétrole* kuwa ɗanyen mai ne, ko kuma kananzir idan a wurin sayar da mai ake magana. Mai babur da ya tsallaka iyaka ya nuna abin da aka rubuta wa *pétrole* yana neman fetur, kananzir ya nema.

Wani misali mai ban sha'awa ga masu nazarin aro shi ne *magasin* da *magazine*. Dukansu suna komawa ga *makhzan* na Larabci, wato ma'ajiya. Faransanci ya riƙe ma'anar kanti da ɗakin ajiya, daga nan Hausar Nijar ta sami mangaza. Ingilishi ya faɗaɗa kalmar zuwa ma'ajiyar bayanai, wato mujalla. A nan Hausar ƙetaren iyaka ce ke iya ceton ɗalibi: wanda ya san mangaza ba zai fassara *magasin* da mujalla ba.

5.0 Fayyace Jimla Guda

Domin a ga yadda kurakuran ke taruwa, an ƙirƙiri jimla irin wadda za a iya samu a wasiƙar mai neman gurbin ƙaro karatu daga Nijar:

*Actuellement professeur au collège, j'ai passé l'examen de licence en juin et j'assiste aux conférences du département.*

Wanda ya bi kamannin kalmomi ta hanyar Ingilishi zai fito da wannan: “A gaskiya ni farfesa ne a kwaleji, na ci jarrabawar lasisi a watan Yuni, kuma ina taimakawa a tarukan sashe.” Jimlar tana karantuwa, kuma wannan ne ya sa ba za a yi saurin tuhumarta ba. Amma kusan kowace gaɓa tata kuskure ce.

An riga an ga *actuellement* da *professeur* da *collège* da *licence*. Abin lura game da *professeur* shi ne maƙwabciyarta ce ta yanke hukunci: tunda *collège* ƙaramar sakandare ce, babu farfesa a can, malami ne. Saura biyu. *Passer un examen* na nufin zama jarrabawa kawai, bai ce komai game da sakamako ba. Wanda ya ci zai ce *j'ai réussi* ko *j'ai été admis*. Shi kuma *assister*, idan harafin *à* ya biyo shi, halarta yake nufi, kuma a jimlar nan harafin yana ɓoye cikin *aux*, wanda haɗin *à* ne da *les*. Sai idan babu harafin, aka kawo mutum kai tsaye a matsayin karɓau, sannan yake nufin taimako. Ita ma *conférence* a wannan muhalli laccar da ake gabatarwa ce.

Fassarar da ta dace ita ce: “A halin yanzu ina koyarwa a ƙaramar sakandare, na zauna jarrabawar digiri na farko a watan Yuni, kuma ina halartar laccocin sashe.”

Idan aka kwatanta fassarorin biyu za a ga mutum biyu daban. Na farko babban malami ne mai wata takardar izini, wanda ke da hannu a shirya taruka. Na biyu malamin sakandare ne da ke jiran sakamakon digirinsa. Jami'in da ya karɓi fassarar farko zai iya zargin mai wasiƙar da ƙarya idan takardunsa suka iso, ko kuma ya ɗauka ya riga ya ci jarrabawar da ba a fitar da sakamakonta ba. Mai wasiƙar bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

6.0 Matakan Ganowa

Mataki na farko shi ne juya dokar da ɗalibi ya saba bi. Yawanci kalmar da ba a sani ba ake dubawa a ƙamus, a tsallake wadda ta yi kama da sananniya. A tsakanin waɗannan harsuna biyu, kalmar da ta yi kama da sananniya ita ce ta fi cancantar dubawa, musamman idan ma'anar jimla ta rataya a kanta, kamar matsayi ko lokaci ko kuɗi ko sakamako.

Mataki na biyu shi ne duba kalma ta fuska biyu. Idan ƙamus ya ce *librairie* ita ce *bookshop*, sai a koma ɓangaren Ingilishi a nemi *library*. Idan aka tarar da *bibliothèque*, wato tafiya da dawowa ba su kai ga wuri ɗaya ba, to an kama mayaudariya. Wannan gwaji yana aiki sosai ga cikakkun mayaudara, amma yana da iyaka: ga na rabi da rabi kamar *professeur* zai iya dawo da mutum inda ya fito, ya ba shi tabbacin da bai dace ba.

Shi ya sa ake buƙatar mataki na uku, wato karanta bayanin kalma gaba ɗaya a ƙamus mai harshe ɗaya, irin su *Le Petit Robert* ko *Larousse*, tare da jimlolin misali da haruffan da ke bin aikatau. Bambancin halarta da taimako a *assister* yana cikin harafi guda ne, kuma ba a ganinsa a jerin kalmomi na gefe da gefe da ɗalibai ke haddacewa.

Mataki na huɗu ya keɓanta da mai Hausa: a fassara kalmar zuwa Hausa ba tare da amfani da kalmar aro ba. Idan aka hana ɗalibi cewa kwaleji ko lasisi ko lacca, dole ya bayyana abin da ake nufi, ya ce makarantar da ake shiga bayan firamare, ko shaidar kammala shekara uku a jami'a. Kalmar aro tana ba shi damar wucewa ba tare da ya fahimta ba, bayani kuwa yana tilasta masa tsayawa. Hausa ta ma fi harsunan biyu rarrabewa a wasu wurare, domin zama jarrabawa da cin jarrabawa ba su taɓa rikita Bahaushe ba.

Wajibi ne kuma a lura cewa ma'ana ba ta tsaya cak ba. Aikatau *réaliser* asalinsa aiwatarwa yake nufi, amma a Faransancin yau ana amfani da shi da ma'anar ankara, bisa tasirin Ingilishi, kuma ƙamusoshi sun shigar da wannan. Don haka tsohon jeri na mayaudaran kalmomi yana iya hana abin da harshe ya riga ya karɓa.

7.0 Abin da Ya Shafi Masu Nazarin Hausa

Manyan ƙamusoshin da ake dogaro da su a Nijeriya, kamar na Bargery na 1934 da na Newman na 2007, tsakanin Hausa da Ingilishi suke. A Nijar akwai *Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci* na Abdou Mijinguini. Ɗalibin Nijeriya da ke son karanta binciken da aka yi kan Hausa da Faransanci, galibi ta Ingilishi yake bi, wato ta gadar da mayaudaran kalmomi suka fi yawa a kanta. Bin hanya kai tsaye daga Faransanci zuwa Hausa yana kawar da kaso mai yawa na matsalar, domin babu kamancin rubutu tsakanin *actuellement* da “a halin yanzu” da zai ja hankali.

Lamarin ya ƙara muhimmanci tun shekarar 2025, lokacin da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk takardar da za a mayar Hausa domin a karanta ta a sassan iyaka biyu za ta ci karo da tambayar wace kwaleji ake nufi, ta Argungu ko ta Dosso. Masu tsara ƙamus da keɓaɓɓun kalmomi za su taimaka idan suka riƙa nuna, a ƙarƙashin kalmomin aro irin su kwaleji da farfesa da lasisi da laburare da fetur, cewa takwarorinsu na Faransanci suna da wata ma'ana daban.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mayaudaran kalmomi sakamako ne na tushe ɗaya da tarihi biyu: Ingilishi ya riƙe tsohuwar ma'anar *library* bayan Faransanci ya sauya ta, kuma harsunan biyu sun raba ma'anar *actualis* kowa ya ɗauki fuska guda. Ta kuma nuna cewa ga ɗalibin yankin Birnin Malam kalmomin aro na Hausa suna ƙara wa kuskuren ƙarfi, amma bayani da Hausa tsantsa yana tona shi. Fagen da ya rage a bincika shi ne tattara kalmomin aro da ke yawo a kasuwannin Jega da Kamba da Gaya, a tantance waɗanda masu magana daga sassan biyu ke furtawa kusan iri ɗaya alhali suna nufin abubuwa daban.